Darasi: Warware Aljabara Daga Hoto da Gano Matakin Farko da Ɗalibi Ya Kauce

Aikin aljabara jerin layuka ne, kowane layi yana fitowa daga wanda ke samansa. Idan ɗalibi ya ɗauki hoton shafin littafinsa da waya ya aika wa malami, ko yayansa, ko abokin karatu, aka tarar amsar ƙarshe ba daidai ba ce, to a wani wuri cikin jerin akwai layi guda da ya fara saɓa wa na samansa. Layukan da suka gabace shi lafiyarsu lau. Waɗanda suka biyo bayansa kuwa sun gaji ɓarnar, ko da ɗalibin ya yi aikinsu bisa ƙa'ida. Aikin mai dubawa shi ne ya gano wannan layi, ya fahimci abin da ya jawo kuskuren, ya kuma nuna wa ɗalibi ta yadda zai iya ƙarasa gyaran da hannunsa.

Ana yin wannan ne a matakai huɗu: karanta hoton da kwafe shi, warware tambayar a takarda daban, gwada layukan ɗalibi ɗaya bayan ɗaya, sannan rubuta masa bayani. Za a bi su a jere da misali guda.

Karanta hoton kafin a fara lissafi

Hoto ba ya nuna duk abin da ido ke gani a takarda. Rubutun fensir yakan dushe, inuwar hannun mai ɗauka takan faɗa kan rabin shafi, gefen takarda yakan yanke, ya tafi da lambar ƙarshe ta layi. Manhajojin aika saƙo irin su WhatsApp suna rage nauyin hoto kafin su aika, kuma abin da ya fi saurin ɓacewa a wannan ragi shi ne ƙananan alamu: ɗigo, alamar ɗebewa, da ƙaramar lambar da ake ɗorawa a kafaɗar harafi kamar a x². Saboda haka ake so a ɗauki hoton a cikin haske, waya na fuskantar takarda daga sama kai tsaye, shafin kuma ya fito duka. Idan rubutun ƙanana ne, aika hoton a matsayin fayil, wato ta zaɓin Document, yana barin sa da tsabtarsa ta asali.

Akwai alamomin da suka saba rikita mai karatu a rubutun hannu. Harafin x yana kama da alamar sau, wato ×. Lamba 1 tana kama da 7, 5 da s, 2 da z, 6 da b. Wanda ya yi makaranta a Jamhuriyar Nijar, inda ake bin tsarin rubutun Faransa, yakan yi wa 1 doguwar ƙugiya a sama, ya ja wa 7 layi a tsakiya, ya kuma rubuta biyu da rabi da waƙafi, 2,5, inda ɗan Najeriya zai sa ɗigo, 2.5. Mai dubawa daga Kano ko Sakkwato da bai san wannan ba zai iya karanta 1 na ɗalibin Maraɗi a matsayin 7, ya ɗora masa laifin da bai yi ba. Maganin wannan shi ne a nemi wani wuri a shafin inda babu shakka a kan lambar, kamar kwanan wata ko lambar tambaya, a ga yadda hannun mutumin ke rubuta ta.

Alamar ɗebewa ta fi kowace haɗari. Gajeren layi ne a kwance, idan kuma ya faɗa daidai kan layin da aka buga a littafin rubutu sai ya saje da shi. Haka ma tsawon layin rabawa yana da ma'ana. Idan layin ya shimfiɗa ƙarƙashin 2x + 1 gaba ɗaya, abin da ake nufi shi ne (2x + 1)/3. Idan ya tsaya ƙarƙashin 1 kaɗai, ya zama 2x + 1/3, kuma tambaya ce daban.

Don haka mai dubawa yana fara kwafe aikin a takardarsa, layi bayan layi, yana ba kowane layi lamba. Yana kwafe abin da ke rubuce ne, ba abin da ya kamata a rubuta ba. Wannan yana da wuya ga wanda ya iya lissafi, domin idonsa yakan gyara kuskure tun kafin hankalinsa ya lura da shi. Yana kuma gwada layin farko da ainihin tambayar da ke littafi ko allo, domin sau da yawa ɗalibi tun wajen kwafe tambaya yake kaucewa. In hoton bai nuna tambayar ba, sai a nemi ya aiko da ita.

Ga misalin da za a yi aiki da shi, kamar yadda aka kwafe shi daga hoton wani ɗalibin ajin manya:

Layi na 1: (2x + 1)/3 − (x − 3)/2 = 3
Layi na 2: 2(2x + 1) − 3(x − 3) = 18
Layi na 3: 4x + 2 − 3x − 9 = 18
Layi na 4: x − 7 = 18
Layi na 5: x = 18 − 7
Layi na 6: x = 11

A hoton, alamar da ke gaban 9 a layi na 3 ta zo kan ninkin takarda, ba a iya rarrabewa ko − ce ko + da tsayayyen layinta ya dushe. Layi na 4 ne ya warware shakkar. Ɗalibin ya haɗa 2 da wannan 9 ya sami −7, kuma hakan ba ya yiwuwa sai idan −9 ya yi aiki da shi. Da +9 ne da ya rubuta 11. Layin ƙasa yakan bayyana abin da mai rubutu ya nufa a layin sama. Inda babu irin wannan shaida, ba a ƙaddarawa, sai a tambayi mai aikin.

Warware tambayar a takarda daban

Kafin a yanke hukunci kan aikin ɗalibi, mai dubawa yana rufe shi ya warware tambayar da kansa. Dalili shi ne kuskuren aljabara yana da saurin jan mutum. Wanda ya bi layukan ɗalibi da ido yana gyaɗa kai zai iya wuce alamar da ta juya ba tare da ya gani ba.

Tambayar tana da rabawa biyu, ɗaya da 3 ɗaya da 2. Ƙaramar lambar da 3 da 2 ke rabawa ba saura ita ce 6, don haka ana ninka kowane sashe na ɓangarorin biyu da 6. Sashen farko ya zama 2(2x + 1), domin 6 a raba 3 ya ba da 2. Na biyu ya zama 3(x − 3), domin 6 a raba 2 ya ba da 3. Ɓangaren dama ya zama 18.

2(2x + 1) − 3(x − 3) = 18

Sai a buɗe baka. A ta farko, 2 sau 2x ya ba da 4x, 2 sau 1 ya ba da 2. A ta biyu, mai ninkawa −3 ne tare da alamarsa: −3 sau x ya ba da −3x, −3 sau −3 kuma ya ba da +9.

4x + 2 − 3x + 9 = 18
x + 11 = 18
x = 7

Amsar mai dubawa ma tana buƙatar shaida, domin da ita za a auna aikin wani. Ana mayar da 7 cikin tambayar asali. Sashen farko: 2 sau 7 goma sha huɗu, a ƙara 1 ya zama 15, a raba 3 ya ba da 5. Sashe na biyu: 7 a ɗebe 3 saura 4, a raba 2 ya ba da 2. Biyar a ɗebe biyu saura 3, kuma 3 ne a ɓangaren dama. Amsa ta tabbata.

Gwada layuka da amsar gaskiya

Alamar daidai, =, tamkar sikelin mai awo ce: abin da ke hagu nauyinsa ɗaya da abin da ke dama. Duk matakin da aka yi bisa ƙa'ida yana barin ɓangarorin biyu daidai. Ma'anar wannan ita ce, lambar da ta daidaita layin farko dole ta daidaita kowane layin da aka samo daga gare shi ta halattacciyar hanya. Daga nan aka sami gwaji mai sauƙi: a sa amsar gaskiya a kowane layi na ɗalibi, daga sama zuwa ƙasa. Layin farko da ɓangarorinsa suka ƙi daidaita shi ne inda aka fara kaucewa.

Layi na 1 an riga an gwada shi, ya ba da 3 hagu da dama. A layi na 2, idan x ya zama 7, baka ta farko ta ƙunshi 15, sau 2 ya zama 30. Ta biyu ta ƙunshi 4, sau 3 ya zama 12. Talatin a ɗebe sha biyu saura 18. Layin ya tsaya. Wannan yana nuna ɗalibin ya iya kawar da rabawa, har bai manta ya ninka ɓangaren dama ba, wanda wuri ne da mutane da yawa ke tuntuɓe.

A layi na 3, 4x ya zama 28, a ƙara 2 ya zama 30, a ɗebe 21 saura 9, a sake ɗebe 9 saura sifili. Hagu sifili, dama 18. Layin ya faɗi. Matakin da ya ɗauko ɗalibin daga layi na 2 zuwa na 3 shi ne kuskurensa na farko.

Amfanin wannan gwaji shi ne bai dogara ga hanyar da mai dubawa ya bi ba. Wani ɗalibin zai iya ninka komai da 12 a maimakon 6, ya rubuta 4(2x + 1) − 6(x − 3) = 36. Wannan layi bai yi kama da na malami ba, kuma mai gaggawa zai iya ja masa jan biro. Amma idan aka sa 7, sittin a ɗebe ashirin da huɗu saura 36. Layin daidai yake, hanyar ce kawai ta ɗan fi tsawo. Bambanci da hanyar malami ba kuskure ba ne. Abin aunawa shi ne ko layin ya fito daga na samansa bisa ƙa'ida.

Gano abin da ya faru a cikin layin

Sanin layin da ya faɗi rabin aiki ne. Saura a gano sashen da ya lalace. Ana jera layi na 2 da na 3 a gwada sashe da sashe. 2(2x + 1) ya zama 4x + 2, kuma da 7 dukansu 30 ne. Ɓangaren dama bai canza ba. Saura −3(x − 3), wanda ɗalibin ya mayar −3x − 9. Da 7, na farko −12 ne, na biyu −30. Ratar da ke tsakani 18 ce, daidai da ratar da aka gani tsakanin sifili da 18. Tunda ratar ta zo ɗaya a wuraren biyu, an tabbatar babu wani kuskure a layin sai wannan.

Abin da ɗalibin ya yi a fili yake. Ya ninka 3 da x, ya ninka 3 da 3, ya kwafe alamomin ɗebewa biyu a inda ya same su. A wurinsa alamar da ke gaban baka ta tsaya ne kan sashen farko kaɗai. Gaskiyar kuwa ita ce alamar tana hawa kan duk abin da ke cikin baka.

Ana iya nuna dalilin +9 da lambobi zalla, ba sai an ce a haddace doka ba. Abin da tambaya ta ce a ɗebe shi ne (x − 3) sau uku. Idan x bakwai ne, 4 ake ɗebewa sau uku, wato 12. Wanda ya rubuta −3x ya riga ya ɗebe 21, ya zarce abin da aka nema da 9. Dole a mayar da taran nan, shi ya sa ake rubuta +9. Ɗalibin kuwa, bayan ya ɗebe 21, sai ya ƙara ɗebe 9, ya kwashe 30 a inda 12 kawai ake so. Babban mutum da ya saba lissafin kasuwa yakan gane wannan nan take, domin ya san wanda aka karɓi kuɗinsa fiye da kima canji ake mayar masa.

Yana da kyau a rarrabe tsakanin tuntuɓen hannu da rashin fahimta. Idan shafin yana da wasu tambayoyi masu alamar ɗebewa a gaban baka, a duba su. In ya yi su daidai, wannan gaggawa ce kawai, nuni kaɗai ya isa. In ya maimaita abu guda a kowace, to ƙa'idar ce bai riƙe ba, sai an koma an koyar da ita.

Layukan da suka biyo bayan kuskure

Daga layi na 3 zuwa ƙasa, amsar gaskiya ba ta da sauran amfani wajen gwaji, domin kowane layi zai ƙi ta. Wannan ba ya nufin kowane mataki a wurin kuskure ne. Ana auna su da wata hanya: a ɗauki layi na 3 kamar sabuwar tambaya, a ga ko ɗalibin ya bi ta daidai.

Daga 4x + 2 − 3x − 9 = 18, haɗa 4x da −3x ya ba da x, haɗa 2 da −9 ya ba da −7. Layi na 4 ya fito daidai daga na 3, matakin ba shi da aibi. Lambar da ke daidaita x − 7 = 18 ita ce 25. Ɗalibin kuwa ya rubuta x = 18 − 7 a layi na 5. Nan akwai kuskure na biyu, mai zaman kansa: ya ketarar da −7 zuwa dama ba tare da ya juya alamarsa ba. Abin da ake yi a haƙiƙa shi ne ƙara 7 a ɓangarorin biyu, hagu ya zama x, dama ya zama 25. Wannan mataki tsohon abu ne a ilmin. Muhammadu ɗan Musa al-Khawarizmi ya bayyana shi a littafinsa na aljabara da ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820, kuma da kalmomi zalla ya yi bayanin, babu alamomi. Faɗin matakin da baki, "an ƙara 7 nan, an ƙara 7 can", har yau yana tsare ɗalibi daga wannan kuskure fiye da zancen cewa lamba ta tsallaka.

Layi na 6 ya fito daidai daga na 5, domin 18 a ɗebe 7 sha ɗaya ne. Saboda haka a matakai biyar da ɗalibin ya yi, uku suna kan ƙa'ida, biyu sun kauce. Wannan rarrabewa tana da tasiri a jarrabawa. A tsarin gyaran takardun lissafi na WAEC, makin hanyar da aka bi daban ne da makin amsa, don haka wanda ya rubuta matakansa a fili zai iya samun wani abu ko da amsarsa ta ƙarshe ta kuskure. Mai dubawa da ya ja layi guda ya soke shafin duka ya ɓoye wa ɗalibi abin da ya riga ya iya.

Duk da haka kuskuren farko ake fara nunawa. Da zarar an gyara shi, lambobin layukan ƙasa duk za su canza: x − 7 zai koma x + 11. Gyaran layi na 5 kafin na 3 gyara ne a kan lambobin da bai kamata su wanzu ba.

Inda gwajin ke gazawa

Layin da ya ƙi amsar gaskiya tabbas yana ɗauke da kuskure. Amma layin da ya karɓe ta ba lallai ne ya kuɓuta ba. Akwai yanayi uku da ya kamata a kula da su.

Na farko shi ne dace. A ɗauki 2x + 3(x − 4) = 8, wanda amsarsa 4 ce. Wani ɗalibi ya manta da 3 ɗin da ke gaban baka, ya rubuta 2x + x − 4 = 8, sannan 3x = 12, sannan x = 4. Amsarsa ta zo daidai, kowane layi kuma ya karɓi 4. Dalili shi ne idan x huɗu ne, abin da ke cikin baka sifili ne, kuma ko an ninka sifili da 3 ko ba a ninka ba, sifili ne. Ana kama irin wannan ta hanyar gwada wata lamba daban a ɓangaren da aka sake wa fasali. Buɗe baka da haɗa sassa ba sa canza ƙimar ɓangare ga kowace lamba. A sa 10: 2x + 3(x − 4) ya ba da 38, 2x + x − 4 ya ba da 26. Sun saɓa, matakin ba daidai ba ne. Wajen zaɓen lambar gwaji a guji 0 da 1 da 2, domin suna yawan ɓoye kuskure. Misali x² da 2x duk 4 suke bayarwa idan x biyu ne.

Na biyu shi ne amsar da ta salwanta. A x² = 5x, ɗalibi yakan raba ɓangarorin biyu da x ya sami x = 5. Lamba 5 tana daidaita layukan biyu. Sai dai tambayar tana da amsa biyu, 5 da 0, domin sifili sau sifili daidai yake da biyar sau sifili. Rabawa da x ta zubar da amsa ta biyu, tunda ba a rabawa da sifili. Hanyar da ta dace ita ce x² − 5x = 0, sannan x(x − 5) = 0. Don haka idan tambaya tana da amsa fiye da ɗaya, dukansu ake sawa a kowane layi. Layin x = 5 zai ƙi sifili, a nan kuskuren zai bayyana.

Na uku shi ne baƙuwar amsa. A √(x + 2) = x, ana ninka kowane ɓangare da kansa a sami x + 2 = x², wanda ke ba da 2 da −1. Idan aka mayar da 2 cikin tambayar asali, tushen 4 shi ne 2, ya daidaita. Idan aka mayar da −1, tushen 1 shi ne 1, ba −1 ba. Ɗalibin da ya miƙa amsoshin biyu bai karya ƙa'ida a tsakiyar aiki ba. Kuskurensa yana layin ƙarshe, inda ya karɓi −1 ba tare da ya gwada ta a tambayar asali ba.

Rubuta wa ɗalibi bayani

Bayani mai amfani yana ɗauke da abu huɗu: inda aikin ya tsaya daidai, layin da ya fara kaucewa, shaidar da ɗalibi zai iya gwadawa da kansa, da abin da ake so ya yi. Ana iya zagaye sashen a kan hoton da alƙalamin manhajar waya a mayar masa, amma zagaye kaɗai ba ya faɗin dalili. Ga saƙon da ya dace da misalin nan:

"Malam, sannu da ƙoƙari. Layi na 1 da na 2 daidai suke, ninkawar da ka yi da 6 ta yi kyau. Matsalar ta fara a layi na 3, wajen buɗe −3(x − 3). Ka sa 10 a madadin x a cikin −3(x − 3), sannan ka sa a cikin −3x − 9, ka ga ko za su zo ɗaya. In sun saɓa, ka sake duba abin da −3 sau −3 ke bayarwa. Ka gyara layin, ka ƙarasa aikin, ka gwada amsarka a tambayar asali, sannan ka sake aiko hoto."

An yi amfani da 10 a saƙon, ba 7 ba, don kada a miƙa masa amsar. Zai sami −21 a ɗaya, −39 a ɗayan, ya ga saɓanin da idonsa. Ba a ambaci kuskure na biyu ba tukuna. Idan ya gyara layi na 3 zai iso x + 11 = 18. In har yanzu yana ketarar da lamba ba tare da juya alama ba, zai rubuta 29, gwajin da aka ce ya yi kuma zai nuna masa 29 ba ta shiga. A lokacin ne za a yi maganar kuskure na biyu, da lambobin da suka dace. Idan kuma ɗalibin ba zai sami damar sake aikowa ba, sai a ƙara jimla guda a ƙarshen saƙon da ke jan hankalinsa ga layi na 5.

Aikin gwaji

A kowane aiki a warware tambayar, a gwada layukan, a faɗi layin farko da ya kauce da dalilinsa.

1. 3(x + 4) = 27; 3x + 4 = 27; 3x = 23; x = 23/3
2. x/4 + 2 = 5; x + 2 = 20; x = 18
3. 7 − 2(y − 1) = 3; 5(y − 1) = 3; 5y − 5 = 3; y = 8/5
4. 5x − 8 = 2x + 7; 5x − 2x = 7 + 8; 3x = 15; x = 12
5. x² = 9x; x = 9

Amsoshi

1. Amsa 5 ce. Layi na 2 ya kauce: ba a ninka 4 da 3 ba, ya kamata ya zama 3x + 12.
2. Amsa 12 ce. Layi na 2 ya kauce: an ninka sauran sassa da 4 an bar 2, ya kamata ya zama x + 8 = 20.
3. Amsa 3 ce. Layi na 2 ya kauce: an ɗebe 2 daga 7 alhali 2 yana ɗaure da baka ta ninkawa, kuma ninkawa ake fara yi.
4. Amsa 5 ce. Layi na 2 da na 3 daidai suke. Layi na 4 ya kauce: an ɗebe 3 daga 15 a maimakon a raba 15 da 3.
5. Amsoshi 0 da 9 ne. Layi na 2 ya kauce: rabawa da x ta zubar da sifili.